Yadda za ka yabi telan da ya cika maka alkawari, yabon ya amfane shi

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗaura mini aure ranar 4 ga Disamba, kuma telan da ya ɗinka mini babbar riga da 'yar ciki da wando ya fitar da ni kunya. Na kai masa shadda ranar 5 ga Nuwamba, ya ce in dawo ranar 26, kuma a ranar na tafi da kayana bayan ɗan gyaran da ya yi wa wandon. Ina so in rubuta masa gajeren yabo inda mutane za su gani, amma duk abin da na rubuta sai ya tsaya a "ya iya ɗinki, Allah ya ƙara basira". Me ya kamata in sa a ciki domin ya amfani wanda zai karanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ina amsa maka ne a matsayin wanda ya daɗe a kan keken ɗinki a Kano, ya yanka shaddar angwaye masu yawa, ya ga yabon da ya kawo masa ciniki mai kyau, ya kuma ga wanda ya jawo masa ciwon kai.

Ka fara da sanin wanda kake rubuta wa. Telanka ya riga ya ji godiyarka ranar da ka karɓi kaya, kuma da shi kaɗai kake nufi, da kiran waya ya wadatar. Wanda zai tsaya ya karanta rubutunka da natsuwa shi ne saurayin da aka sa wa rana, ya sayo shadda mai tsada a Kantin Kwari, yana riƙe da ita a leda yana tunanin hannun da zai danƙa wa. Wannan mutum bai damu sosai da sanin ko tela gwani ne ba, domin hotunan ɗinki sun riga sun nuna masa hakan, kuma kowane shago yana da hotuna masu kyau. Abin da hoto ba zai gaya masa ba shi ne ko zai sami kayansa kafin ranar da ba ta ɗaguwa. Saboda haka abin da za ka rubuta ya fi kama da shaida fiye da kirari, kuma shaida da ranaku ake ba da ita.

Kalmar "a kan lokaci" ita ce ta fi kowace yawa a yabon teloli, ita ce kuma ta fi kowace rashin nauyi. Na san angon da ya karɓi rigarsa da ƙarfe tara na safiyar ɗaurin aure, zare yana lilo a wuyanta, ɗumin dutsen guga bai bar jikinta ba, aka ɗaura aure da ƙarfe goma sha ɗaya yana sanye da ita, kuma idan ka tambaye shi yau zai ce an gama masa a kan lokaci. Bai yi ƙarya ba, amma babu mai hankalin da zai so a gama masa irin wannan gamawa. A sana'armu lokaci iri biyu ne, akwai ranar biki, akwai kuma ranar da tela ya faɗa da bakinsa. Mai cika ta farko kaɗai ya tsallake rijiya da baya ne, mai cika ta biyu shi ne mai alkawari. Naka ya cika ta biyu, kuma mai karatu ba zai gane hakan ba sai ka rubuta ranaku ukun nan a jere: ranar kai yadi, ranar da aka yi alkawari, da ranar da kaya suka shiga hannunka, sannan ka faɗi kwanakin da suka rage kafin ɗaurin aure. Daga 5 zuwa 26 ga Nuwamba mako uku ne cif, daga 26 ga Nuwamba zuwa 4 ga Disamba kuma kwana takwas. Waɗannan kwanaki takwas su ne abin yabo mafi girma a labarinka, domin a cikinsu ne da wani abu ya ɓaci za a iya gyara shi ba tare da an tayar wa kowa da hankali ba.

Sai dai ranaku kaɗai suna iya yaudarar mai karatu idan ba ka faɗi irin aikin da aka yi a cikinsu ba, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan masu yabo suka fi cutar da tela ba da saninsu ba. Mako uku a kan kaftani mara aiki ba abin a zo a gani ba ne, yaron shago ma zai iya haɗa shi cikin yini biyu idan akwai wuta. Mako uku a kan babbar riga mai cikakken aiki kuwa magana ce daban, saboda riga irin wannan ba a hannu ɗaya take ƙarewa ba. Tela zai yi awo ya yanka, daga cikin yadi goma da aka saba saya ya fitar da riga da 'yar ciki da wando. Daga nan sai gaban rigar da wuyanta su tafi wurin mai aiki, wanda sau da yawa ba a shagon yake ba, kuma yana da layin wasu teloli da ke jiransa. Idan sun dawo sai a haɗa, a sa shafi, a yi kalmasa, a bi bakin yadi domin kada ya zare, sannan a kai wa masu bugu ko a yi guga, gwargwadon irin shaddar da abin da mai kaya yake so. A sanina mafi yawan alkawarin da ke karyewa a matakin mai aiki yake karyewa, tela yana zaune da keke babu abin ɗinkawa, mai kaya yana zaginsa, alhali gaban rigar yana can a wani lungu ana jiran wuta ta dawo. Telan da ya cika alkawari a babbar riga ya nuna cewa yana iya lissafin lokacin wasu mutane ban da nasa, kuma wannan gwaninta ce dabam da iya riƙe almakashi.

Don haka ka faɗi ko aikin rigarka na inji ne ko na hannu. Aikin inji yana ƙarewa cikin 'yan kwanaki idan layi bai yi tsawo ba. Aikin hannu irin na aska takwas ko aska biyu, wanda Zariya ta yi suna a kansa, allura ce da zare ake bi ɗaya bayan ɗaya, yana cin makonni, mai yawa ma yakan kai watanni. Idan ka rubuta cewa an gama maka babbar riga cikin mako uku ba ka ce aikin inji ba ne, gobe wani zai zo da buƙatar aikin hannu saura kwana ashirin bikinsa, ya buɗe wayarsa ya nuna wa tela rubutunka a matsayin hujja.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina tuna shi. Wani abokin cinikina ya zo a rikice, saura kwana biyar ɗaurin auren ƙaninsa, telan da suka fara kai wa ya ɓata musu yadi. Na tausaya masa, lokacin kuma shago babu cunkoso, na ajiye abin da ke gabana, na je da kaina na zauna a wurin mai aiki har ya gama, muka kwana biyu a shago da janareto, na ba shi kaya cikin kwana huɗu. Ya ji daɗi ƙwarai, ya rubuta cewa duk mai aikin gaggawa ya zo wurina, kwana huɗu an gama. Da kyakkyawar niyya ya yi. To amma makonni kaɗan bayan haka azumi ya kama, kayan Salla suka cika shago har saman tebur, mutane suka riƙa shigowa da leda a hannu suna cewa ai an ce kwana huɗu nake yi. Waɗanda na ce musu ba zai yiwu ba suka tafi suna ganin na raina su, biyu da na karɓa don kunya kuwa ɗaya daga cikinsu ban cika masa ba, kuma shi ma ya rubuta nasa. Tun daga lokacin nake roƙon masu yaba mini da su yabi cika alkawari, su bar yabon sauri. Sauri ya dogara da yanayin shago a wannan makon, alkawari kuwa hali ne da mutum zai iya maimaitawa.

Shi ya sa sunan wata yake da amfani a rubutunka. Ƙarshen shekara lokacin bukukuwa ne, haka makonnin da ke gab da azumi, da mutane ke son a ɗaura aure kafin watan ya tsaya, balle kuma gab da Salla ƙarama da babba. Wanda ya cika alkawari a ƙarshen Nuwamba ya cika shi ne shago a cike, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗinki zai fahimci hakan da ya ga ranakun, ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Yanzu maganar gyaran wando. Na san zuciyarka za ta ce ka bar shi, tunda yabo kake yi, kada ka tona wa mutum asiri. Shawarata ita ce ka sa shi, kuma ka sa shi a tsakiyar rubutun inda za a gani. Babu telan da ya wuce gyara, jikin mutum ba katako ba ne, kuma tsawon wando yakan canja da irin takalmin da aka tsaya da shi ranar awo da inda mutum ya saba ɗaure zariyarsa. Masu kai ɗinki sun san haka, saboda haka yabon da ya ce komai ya fita daidai tun karon farko yakan yi kama da wanda ƙanin tela ya rubuta. Abin da mai karatu yake son sani shi ne me ke faruwa idan an ce wa wannan tela wani wuri bai yi ba: yana ɓata rai, yana cewa ai awonka ne haka, yana neman ƙarin kuɗi, ko yana karɓa ya gyara, kuma gyaran yana cin awa nawa ko kwana nawa. Ka faɗi abin da aka gyara da girmansa, misali an rage tsawon wando da inci ɗaya, da lokacin da ya ɗauka, da cewa bai karɓi ko sisi a kai ba idan haka ne ya faru. Jimla ɗaya ce, amma ita ce za ta sa a yarda da sauran.

Game da kyan ɗinkin kansa, kada ka ce ya yi kyau ka tsaya, kuma kada ka cika rubutun da abubuwan da ba ka duba ba. Ka ɗauko kayan yanzu, ka juya 'yar cikin ta baibai ka shimfiɗa a kan gado. Dubi layin ɗinkin gefe, ko ya tafi a miƙe, ko an bi bakin yadin an rufe shi, ko kuwa zare ya fara fita. Dubi ko an bar ɗan rara a ciki, wanda za a iya buɗewa idan jiki ya ƙaru, abin da ke yawan samun angwaye a shekarar farko. Sai ka shimfiɗa babbar rigar ka dubi kewayen aikin: idan yadin ya tattare ya yi kumburi a gefen zaren, an ja shi da ƙarfi ne ko ba a sa masa abin da zai riƙe shi ta ciki ba, kuma guga ba ta gyara wannan sai dai ta ɓoye shi na yini ɗaya. Dubi zanen da ke cikin shaddar a wurin haske, ko gaba da baya da hannuwa duk sun fuskanci gefe ɗaya, domin telan da ke son ya tsimi yadi yakan juya wani yanki a kaikaice, sai ka ga sheƙin hannu ya bambanta da na jiki a hoto. A farar shadda kuma ka nemi ɗigon man keke da shatin alli da tabon dutsen guga. Bayan ka duba duka, ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka fi burge ka, ka bar sauran. Gajeren yabo ba ya ɗaukar rahoton sufeto.

Akwai kuma shaidar da kai kaɗai za ka iya bayarwa, wadda ta fi duk wannan, wato yadda kayan suka zauna a jikinka ranar. Ango yana zama a kan tabarma ko darduma wurin ɗaurin aure, ya tashi ya durƙusa ya gaida manya, ya yi salla, ya ɗaga hannu ya yi musabaha da ɗaruruwan mutane, ya naɗe hannun riga a kafaɗa sau ba adadi. Idan wandon bai matse ka a zama ba, hammatar 'yar ciki ba ta ja ba, wuyan babbar riga bai riƙa zamewa baya yana shaƙe ka ba, to ka faɗi ɗaya daga ciki da kalmomi masu sauƙi. Wanda ya taɓa yini yana jan wuyan riga gaba zai san darajar wannan jimla.

Sai batun kuɗi da amana. Ban ba ka shawarar ka rubuta adadin da ka biya ba. Farashin zare da mai da kuɗin mai aiki ba sa tsayawa wuri ɗaya, rubutunka kuwa zai zauna, bayan wata shida wani ya zo yana cewa ga abin da aka yi wa wane, a yi masa haka. Kuma ta yiwu ragi aka yi maka na sabo ko na ango, wanda ba kowa za a yi wa ba. Abin da ke da amfani shi ne tsarin: ka ba da rabi kafin alƙalami, ka cika sauran ranar karɓa, kuma kuɗin da kuka tsayar tun farko bai ƙaru ba. Idan ya dawo maka da ragowar yadi, ko da ƙyallen da bai wuce a yi wa yaro 'yar shara ba ne, ka ambata. Mutane da yawa suna zargin teloli da cin yadi ko musanya shadda mai tsada da mai kama da ita, wani lokaci da gaskiyarsu, wani lokaci kuma zato ne kawai, don haka shaidar cewa wannan ya dawo da ragowa ba a tambaye shi ba tana kwantar da hankalin mai shirin miƙa yadin da ya tara kuɗinsa wata da watanni. Haka idan shi ya kira ka ya ce kaya sun kammala, ba kai ka yi ta sintiri ba, ka faɗa, domin waya a kashe ranar alkawari ita ce abin da kowa ya fi tsoro.

Ga yadda zan haɗa maka shi. Abubuwan da ba ka gaya mini ba na cike su da abin da aka saba gani, sai ka gyara kowanne ya dace da gaskiyar abin da ya faru, wanda bai faru ba kuma ka cire shi gaba ɗaya:

"Malam Wane ne ya ɗinka mini kayan ɗaurin aure, babbar riga da 'yar ciki da wando, farar shadda yadi goma, aikin inji. Na kai masa ranar 5 ga Nuwamba, ya ce ranar 26, kuma shi ya kira ni ya ce an gama, na karɓa a ranar, saura kwana takwas biki. Da na gwada wandon ya ɗan yi tsawo, ya rage inci ɗaya ina zaune, bai karɓi komai ba. Aikin ya kwanta lafiya bai tattare ba, na yini da kayan daga ɗaurin aure har walima babu inda ya matse ni. Kuɗin da muka tsayar bai ƙaru ba, ragowar yadi ma ya dawo mini da ita. Mai son irin wannan aiki ya kai yadinsa saura wata guda. Ma sha Allah, Allah ya yi wa sana'a albarka."

Ka lura da yadda aka jera shi. Jimlar farko ta faɗi wane ne da abin da aka ɗinka, domin mai neman telan kayan amarya ya gane tun nan cewa ba shi ake wa magana ba. Ranaku sun zo na biyu saboda su ne dalilin rubutun, kuma mai karatu a waya yakan ga layi biyu ko uku ne kawai kafin ya yanke shawarar buɗe sauran. Addu'a ta zo a ƙarshe. Mu Hausawa mun saba buɗe magana da godiya da addu'a, kuma a baki haka ya dace, amma a rubutu irin wannan idan ka fara da layi huɗu na godiya ga Allah da iyaye da abokan arziki, mutum zai wuce kafin ya kai ga ranakun. Kalmar "ma sha Allah" kuwa kada ka bar ta, masu sana'a da yawa ba sa jin daɗin a yabe su a bainar jama'a babu ita, saboda gudun baki.

Jimlar da ta ce a kai yadi saura wata guda ita ce kyautar da ka yi wa telan da kansa. Ta mayar da labarinka shawara, ta kuma tace masa abokan ciniki tun kafin su iso ƙofar shago, wanda ya karanta ya zo zai zo ne da wuri, da niyyar jira. Ka kuma lura babu "ya fi kowa a garin nan", babu "ba kamar wancan da ya ɓata mini kayan Salla ba". Na farko magana ce da ba za ka iya tabbatarwa ba tunda ba ka ɗinka a wurin kowa ba, na biyu kuma yana jawo wa telanka gaba da abokan sana'arsa, waɗanda wataƙila layi ɗaya suke, mai aiki ɗaya suke kai wa, ranar da kekensa ya lalace a wurinsu zai ari wani.

Tsawonsa kada ya wuce abin da ka gani, jimla shida zuwa takwas. Idan a sitatus na WhatsApp za ka sa, ka rage shi zuwa uku: abin da aka ɗinka, ranakun, da shawarar lokacin kai yadi, tare da hoto. Sai dai ka tuna sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda ke da lambarka ne kaɗai za su gani. Idan shagon yana kan Google Maps, can ne rubutun zai fi daɗewa yana aiki, domin baƙon da bai san kowa a unguwar ba yana iya cin karo da shi, amma sunan da ke kan asusunka zai fito tare da shi, kuma kada ka danna taurari biyar kawai ka fita ba ka rubuta komai ba, taurari ba sa faɗin ranaku. Idan yana da shafi a Instagram ko Facebook, ka tura masa rubutun ka ba shi izinin ya sa da kansa.

Kafin ka sa lambar wayarsa ko kwatancen shagonsa ka tambaye shi. Wasu teloli lambar gida da ta sana'a ɗaya ce, wasu kuma aikin da ke hannunsu ya riga ya ishe su, ba sa son a yi musu talla a wannan watan, sun fi son ka jira cunkoso ya ragu. Idan a gida yake ɗinki, musamman idan wata rana matarka za ta rubuta irin wannan ga mace mai ɗinki a cikin gidan aurenta, sunan unguwa ya isa, mai bukata ya nemi ƙarin bayani ta hannunku.

Hoto kuma guda biyu sun wadatar. Ɗaya kana tsaye da cikakkun kayan a hasken rana, hannun riga a sake domin a ga faɗinta da tsawonta, ɗaya kuma na kusa a kan aikin ƙirji da wuya, ba tare da an yi wa hoton kwalliyar da za ta canja launin shadda ba. Ka zaɓi wanda kai kaɗai ne a ciki. Hoton da amarya ko 'yan'uwanta suke ciki ba naka kaɗai ba ne, kuma da zarar tela ya sa shi a shafinsa ya fita daga hannunka.

Idan ba ka riga ka ba da kayan wanki ba, kana iya sa yabon yanzu, sannan bayan wankin farko ka dawo ka ƙara layi ɗaya. A wanki ne ake gane ko zaren aikin yana zuba ya ɓata farar shadda, ko shafin da aka sa yana tsukewa ya ja rigar, ko kalmasa tana warwarewa. Mafi yawan masu yabo suna rubutawa ne cikin zumuɗin makon biki, don haka ba kasafai ake samun wanda ya ce an wanke, an buga, kuma rigar tana nan yadda take ba. Ka tabbata dai mai wankin ya san shadda, domin idan ya jiƙa ta da abin da bai dace ba laifin ba na tela ba ne, kuma bai kamata ya shiga rubutun ba.